Kuɗin Ruwan Katin Bashi: Banki na Ƙirga Kwanaki Ɗaya Bayan Ɗaya

Yawancinmu a gida katin ATM muka sani, wanda kuɗinka ne kake cirewa, in sun ƙare shi ke nan. Amma ɗan uwanmu da ya je karatu ko neman abinci a Amurka, ba ya daɗewa sai an miƙa masa wani katin daban, katin bashi. Da shi banki ke biya maka kaya, a ƙarshen wata ya aiko da takardar lissafi. A cikin takardar akwai layi guda da ke ɗaure wa mutane kai, wato layin kuɗin ruwa. Mutum ya duba abin da ake binsa, ya buga lissafinsa, ya ga bai yi daidai da na banki ba. Sau da yawa ba cuta aka yi masa ba. Shi yana kallon bashin ranar ƙarshe ne, banki kuwa yana kallon bashin kowace rana.

Bari mu ɗauki misalin wani ɗalibi mai irin wannan kati. A takardarsa an rubuta APR, wato adadin ruwa na shekara, kashi 21.9 cikin ɗari. Tun 1968 dokar Amurka ta wajabta wa masu ba da bashi su bayyana wannan adadi a fili. Sai dai banki ba ya jiran shekara ta cika. Yakan raba adadin gida 365 ya sami ruwan yini ɗaya, wanda a nan ya kama kashi 0.06 cikin ɗari, ko 0.0006. Wannan ɗan mitsitsin adadi shi ne ke aiki dare da rana.

Watan lissafin ɗalibin nan kwana 30 ne, kuma ya shige shi da ragowar bashin dala 1,000 daga watan jiya. Kwana 12 bai taɓa katin ba. Ranar ta 13 ya sayi kwamfuta ta dala 500, bashi ya koma 1,500, ya zauna haka kwana 8. Ranar ta 21 kuɗi suka shigo masa, ya biya dala 600, bashi ya sauko 900 har wata ya ƙare, kwana 10 ke nan.

Abin da banki ke yi shi ne ya ninka kowane bashi da yawan kwanakin da ya yi, ya tara, ya raba da kwanakin watan:

```
1,000 × 12 = 12,000
1,500 × 8  = 12,000
  900 × 10 =  9,000
33,000 ÷ 30 = 1,100
1,100 × 0.0006 × 30 = 19.80
```

Dala 1,100 ɗin nan ita ce matsakaicin bashin yini. Babu ranar da aka bi ɗalibin daidai wannan kuɗi, amma a kansu aka ɗora masa ruwa, dala 19.80. Da ya yi lissafi da dala 900 da ya gani a ƙarshen wata, da 16.20 zai samu, ya yi ta mamakin inda sauran suka fito. Wanda ke son ya tantance tasa takardar, ya nemi wurin da aka rubuta Balance Subject to Interest Rate. Adadin da ke nan shi ne matsakaicin da banki ya yi aiki da shi. In ka ga naka lissafin ya gaza na banki da ɗan abin da bai kai dala ba, kada hankalinka ya tashi: bankuna da yawa na ɗora ruwan yau a kan bashin gobe, ruwa na haihuwar ruwa. In kuwa tazarar mai yawa ce, duba ranar da biyanka ya shiga a wajen banki, domin ita ake ƙirgawa, ba ranar da ka yi niyya ba.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da mutane ba su cika lura da ita ba. Tunda kwana ake ƙirgawa, ranar biya ma kuɗi ce. A ce ɗalibin ya biya dala 600 ɗin nan ranar ta 6 maimakon ta 21. Jimillar za ta sauko daga 33,000 zuwa 24,000, matsakaici ya zama dala 800, ruwa ya zama 14.40. Bai ƙara ko kwabo a abin da ya biya ba, kwana 15 kawai ya gaggauta, ya tsira da dala 5.40. Saboda haka mai ragowar bashi da kuɗi suka shigo hannunsa, babu dalilin da zai sa ya jira ranar wa'adi.

Na ce mai ragowar bashi, domin nan ne asalin maganar take. Yawancin katunan nan suna da lokacin sassauci: wanda ya biya dukkan abin da takardar wata ta nuna kafin wa'adi, ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyarsa ko kaɗan. Dokar katin bashi ta 2009 ta ce a aika da takarda aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Ga wanda ke gudun riba saboda addininsa, wannan ita ce iyakar da ya kamata ya sani sarai. Da zarar ka bar wani abu ya tsallaka wa'adi, sassaucin ya tafi, duk sabon abin da ka saya ruwa zai fara hawa kansa tun ranar da ka saye shi. Shi ya sa kwamfutar ɗalibin ta shiga lissafi nan take. Cire tsabar kuɗi da katin kuwa galibi ba shi da sassauci tun farko, kuma ruwansa ya fi tsada. Akwai kuma ɗan abin da ke ba mutane haushi: ka biya bashin duka, wata mai zuwa ka sake ganin ɗan ruwa. Na kwanakin da ke tsakanin fitar takarda da shigar biyanka ne.

To, nawa ne kuɗin zama da bashin? In matsakaicin ɗalibin ya tsaya a dala 1,100 shekara guda, zai biya ruwa wajen dala 241. In kuma ana ɗora ruwa kan ruwa kullum ba a biya, kashi 21.9 ɗin nan a zahiri ya kusa 24.5.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin biyan da takarda ke nunawa, wanda ake cewa shi ne mafi ƙarancin abin da za ka bayar. Ganinsa na kwantar da hankali, amma duba. Sabon bashin ɗalibin dala 919.80 ne, wato 900 da ruwa. A ce ya ajiye katin a aljihun tebur, bai ƙara sayen komai ba, yana biyan dala 30 duk wata. A watan farko kusan dala 17 daga ciki ruwa ne, 13 kacal ke taɓa uwar kuɗi. A haka sai ya yi wata 46 yana biya, kusan shekara huɗu, kuma ruwan da zai zuba ya haura dala 400. Dokar 2009 ta sa kowace takarda ta ɗauki wani ɗan akwati mai nuna shekarun da ƙaramin biya zai ɗauke ka, da kuma abin da za ka riƙa biya in kana son gamawa cikin wata 36. Ga ɗalibinmu, wannan adadi na biyu wajen dala 35 ne a wata, dala 5 kacal a kan abin da yake bayarwa, amma ta rage masa wata 10.