Wasiƙar Neman Kuɗin Ajiya Bayan Barin Gidan Haya

Kuɗin ajiyar da ɗan haya ya bayar amana ne a hannun maigida. Ba a taɓa shi sai an yi ɓarna, kuma fentin da ya koɗe saboda daɗewa ba ɓarna ba ce.

Don haka wasiƙar neman kuɗin ta faɗi adadinsa da ranar miƙa makulli, ta bayyana yadda aka bar gidan. Misali: "Ranka ya daɗe, na miƙa makullai uku ga wakilinka, ƙofofi da famfuna lafiya, babu bashin wuta. Gilashin taga ɗaya ya fashe, a cire kuɗinsa a nuna mini rasit."

Haɗa hotuna, ka sa wa'adi, ka riƙe kwafi.