Amshi: Layin da Yake Dawowa

A rubutacciyar waƙar Hausa, baiti yakan zo da ɗango biyar, wato muhammasa. Wani lokaci ɗango huɗu ne ke sauyawa, na biyar kuwa yana nan daram har ƙarshen waƙa. Shi ne amshi.

Asalinsa kunne ne. Waƙarmu rerawa ake yi, kuma mai sauraro ba ya iya komawa baya kamar mai riƙe da littafi. Amshi ne ke shaida masa baiti ya ƙare. A wajen makaɗa irin su Mamman Shata, lokacin da 'yan amshi suka karɓa ne jagora ke numfasawa, ya shirya abin da zai faɗa gaba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ma'anarsa ke juyawa. A ce amshin yana cewa ruwa zai sauko. Bayan baitin shuka, fata ne. Bayan baitin fari da bushewar gero, ya zama addu'a. Bayan baitin ambaliya, sai ya koma abin tsoro, alhali ko harafi ɗaya bai canza ba.

Idan kuwa baiti bai shirya masa hanya ba, kunne yakan ji shi kamar faci a riga.