Naira ɗarin da ke cinye ribar ƙaramin ciniki

Duk wanda ke karɓar kuɗi da kati ta intanet akwai kamfanin da ke tsakaninsa da banki, kuma ladan wannan dillali yawanci hawa biyu ne: wani kaso cikin ɗari na cinikin, sai wani tsayayyen kuɗi da ba ya motsi, ko cinikin babba ne ko ƙarami. Na biyun ne ke gasa wa mai ƙananan kaya aya a hannu.

Mu duba Paystack, wanda aka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Farashin da aka san shi da shi a kan katin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100. Mai sayar da shadda ta naira 50,000 za a cire masa 750 da 100, wato 850, kashi 1.7 ke nan kacal. Mai kilishin naira 3,000 kuwa za a cire masa 45 da 100, wato 145, kusan kashi biyar. In ribarsa a ƙunshin naira 500 ce, an tafi da abin da ya kusa sulusinta, ga kuɗin leda da na ɗan aike ba a fitar ba.

Dalilin tsayayyen kuɗin ba ɓoyayye ba ne. Tantance kati, tuntuɓar banki da sa ido kan 'yan damfara aiki ɗaya ne, ko kuɗin nawa ne. Haka abin yake a Amurka, inda Stripe ke karɓar kashi 2.9 da santi 30: cinikin dala ɗaya, santi 33 sun tafi.

Paystack ya yi sassauci, ba ya cire ɗarin nan in cinikin bai kai naira 2,500 ba. Sai dai sassaucin ya haifar da wani rami da ba kowa ke lura da shi ba. Ka sa wa kayanka 2,450, a cire kimanin naira 37, ka tashi da 2,413. Ka ce bari ka ƙara hamsin su cika 2,500, sai ɗarin ta faɗo, a cire 137.50, ka tashi da 2,362.50. Ka tsawwala wa mai saye, kai kuma ka yi asara! Sai farashin ya haura 2,600 kafin ka zarce abin da 2,499 za ta kawo maka. A ganina, duk kayan da farashinsa ya faɗa tsakanin nan, gara a sauko da shi.

Ɗaya dabarar ita ce haɗa ciniki. Ƙunshi uku da aka biya daban-daban ladansu 435 ne, in kuwa an biya 9,000 a dunƙule, 235 ne. Shi ya sa za ka ga wasu shagunan intanet suna ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a saya, ko su yi ragi ga wanda ya ɗauki uku.