Yaro ɗan shekara biyu yana birgima da kuka: me za ku yi?

Alhamdu lillah. Rigimar yaro tsakanin shekara 1 zuwa 3 ba taurin kai ba ce. Ya san abin da yake so, amma bakinsa bai iya faɗa ba. Yunwa, barci, zafin rana da yaye suna ƙara ta. Shari'a ma ba ta hau kansa ba tukuna.

A ce kuna kasuwar Shuwarin, ya faɗi yana birgima don an hana shi alewa. Ku fara da kanku: ku nemi tsari daga Shaiɗan, in kuna tsaye ku zauna, kamar yadda Sunna ta koyar. Ku ɗauke shi zuwa inuwa, ku ce a hankali: "Na san kana so, amma ba yanzu ba." Kada ku ba shi alewar, don zai koyi cewa kuka ke kawo ta. In ya lafa, ku rungume shi, ku ba shi ruwa.

Ku guji duka da tsinuwa. Annabi (SAW) ya hana yi wa 'ya'ya mummunar addu'a. In ya suma, ko ga zazzaɓi ko jijjiga, ku kai shi asibiti, kamar na Rasheed Shekoni da ke Dutse.

Allah ne Mafi sani.