Yadda Ake Tarbar Sabon Ƙaramin Ma'aikaci: Saƙon Maraba da Jadawalin Makon Farko

A ma'aikatu da yawa, sabon ƙaramin ma'aikaci yakan shafe ranarsa ta farko zaune a kan benci. Ya iso da sassafe cikin shiga mai kyau, mai gadi bai san da zuwansa ba, wanda ya ɗauke shi aiki yana wurin taro, sauran ma'aikata kuwa kowa ya amsa gaisuwarsa ya koma kan aikinsa. Shi kuma kunya da girmama na gaba ba za su bar shi ya tambayi inda zai zauna ko abin da zai yi ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Maganin wannan matsala takardu biyu ne gajeru da shugaban sashe zai rubuta tun kafin yaron ya iso, wato saƙon maraba da jadawalin kwanakinsa na farko.

A ɗauka wani kamfanin sayar da kayan masarufi a kan sari a Kano ya ɗauki matashi a matsayin ƙaramin akawu, zai fara aiki ranar Litinin. Saƙon maraba ya kamata ya isa gare shi tun Alhamis ko Juma'a, domin ya samu sararin haɗa takardunsa da lissafin kuɗin mota. Wanda zai rubuta shi ne babban akawu, wanda yaron zai yi aiki a ƙarƙashinsa, domin sunan da ya gani a ƙasan saƙon shi zai nema idan ya iso. Bayan sallama da kiran sunansa, saƙon zai iya kasancewa kamar haka:

"Muna yi maka barka da zuwa sashen lissafi. Za ka fara aiki ranar Litinin da ƙarfe 8:30 na safe. Mai gadi yana da sunanka, zai nuna maka ofishina a hawa na ɗaya. Ka zo da takardar ɗaukar aiki, katin shaidar ɗan ƙasa, hotunan fasfo biyu, da lambar asusunka na banki. Kaftani ko riga da wando duk sun yi. Muna fita sallar azahar da cin abinci daga 1:30 zuwa 2:30, akwai masallaci da masu abinci a kan layinmu. Ana tashi ƙarfe 4:30. Idan wani abu ya tsare ka a hanya, kira ni a wannan lamba. Allah ya sa ka shigo a sa'a."

Kowace jimla a nan amsa ce ga tambayar da yaron yake yi a ransa amma ba zai iya furtawa ba. An faɗi lokaci da lamba, domin "da safe" na iya zama ƙarfe bakwai a wurin wani, ƙarfe tara a wurin wani. An faɗi sutura, da wurin salla, da wurin abinci. Tarihin kamfani da jerin dokokin ladabtarwa ba su shiga ba, domin suna da lokacinsu a gaba, kuma saƙon da ya fara da gargaɗi tsoro yake shukawa. Hanyar gwada saƙon ita ce a ba wanda bai taɓa zuwa ofishin ba ya karanta. Idan ya ce "to ta wace ƙofa zan shiga?", da sauran gyara.

Shi kuwa jadawali, ƙa'idarsa ita ce kowane layi ya ƙunshi abu uku: lokaci, abin da za a yi, da sunan wanda zai yi shi tare da sabon. Layin da babu suna a kansa, ba wanda zai ɗauke shi a matsayin aikinsa. A ranar Litinin, daga 8:30 zuwa 9:00 babban akawu zai zauna da shi ya bayyana masa aikinsa da kuma wanda yake karɓar umarni daga gare shi. Daga 9:00 zuwa 10:00 jami'in kula da ma'aikata zai cike takardu tare da shi. Daga 10:00 zuwa 11:00 wani abokin aiki da bai girme shi sosai ba zai zaga da shi sito, wurin mai karɓar kuɗi, banɗaki da masallaci, yana gabatar da shi ga mutane. Ana zaɓar tsara ne da gangan, domin akwai tambayoyin da matashi zai yi wa sa'ansa amma ba zai yi wa shugaba ba. Daga 11:00 zuwa azahar zai zauna a teburinsa, a nuna masa littattafan rasit da manhajar da ake shigar da ciniki.

Bayan azahar ne za a ba shi aikin gaske, ƙarami wanda zai iya kammalawa kafin a tashi. Misali, a miƙa masa rasit ashirin na cinikin ranar Asabar ya gwada su da abin da aka shigar a kwamfuta, ya yi alama a kan wanda bai dace ba. Ko ya yi kuskure babu asarar kwabo, shi kuma babban akawu zai ga irin natsuwarsa da lissafi. Da ƙarfe 4:00 sai su zauna minti goma sha biyar. Kada a tambaye shi "akwai matsala?", domin amsar ita ce "babu". A ce masa ya nuna yadda ya gwada rasit ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a nan za a gane abin da ya fahimta.

Sa'ar cike takardu tana da nauyi a doka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da farawa, ciki har da albashi, sa'o'in aiki, hutu da wa'adin sanarwar barin aiki. Ba shi a ranar farko ya fi sauƙi ga kowa. Idan kamfanin yana cikin tsarin fansho na dokar 2014, a bayyana masa cewa mafi ƙarancin abin da ake cirewa daga albashinsa kashi 8 cikin ɗari ne, kamfani kuma yana zuba aƙalla kashi 10, kuma shi ne zai zaɓi kamfanin fanshon da zai buɗe asusu. Wanda ba a gaya wa haka ba, idan albashin farko ya shigo da ragi, zai ɗauka an cuce shi.

Sauran kwanakin ba sa buƙatar tsari sa'a-sa'a. Talata da Laraba ya zauna kusa da wanda ya iya aikin yana kallo, Alhamis ya shigar da ciniki da hannunsa ana dubawa, Juma'a da safe a yi bitar mako kafin a tafi masallaci. Makullin akwatin kuɗi da ikon gyara lissafi a kwamfuta kuwa sai a jinkirta su har a ga kamun ludayinsa.

Jadawali kan rushe ne ta hanya biyu. Ko dai a cika shi da gabatarwa har yaron ya koma gida da sunaye talatin ba tare da ya riƙe ko ɗaya ba, ko kuma a rubuta sunayen mutane ba tare da an sanar da su ba. Alamar hakan ita ce a ga sabon yana latsa waya da hantsi, ko ya kai Laraba babu tebur babu kalmar sirrin shiga kwamfuta. Don haka, ya kai shugaban sashe, kafin ka tura saƙon maraba, ka bi mutanen da ke cikin jadawalin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tabbatar maka da lokacinsa, sannan ka ajiye wanda zai tsaya a madadinka idan wani uzuri ya taso maka ranar Litinin.