Yadda Sakatare Ke Mai da Maganar Taro Rahoto

A taron iyaye da malamai na wata makaranta, a ce ma'aji ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, wallahi gobe-goben nan zan kai kuɗin nan banki, naira dubu 200 ne cif." Gogaggen sakatare ba haka zai rubuta ba. Abin da zai shiga littafi shi ne: "Ma'aji ya ce zai kai naira dubu 200 banki ranar Litinin, 4 ga wata."

Rantsuwa da gaisuwa sun fita, "zan" ya koma "zai", kuma kwanan wata ya maye gurbin "gobe". Dalili kuwa, sai a zama na gaba ake karanta rahoton, wataƙila bayan wata guda, lokacin da goben ta daɗe da wucewa. Shi ya sa ake ba da labarin taro a matsayin abin da ya riga ya faru: shugaba ya buɗe taro, mambobi sun tattauna, an ɗage zama. Alƙawarin ma'aji dai yana nan da "zai", amma a ƙarƙashin "ya ce".

Babu "ni" ko "mu" a rahoto. Ko sakataren ne ya yi magana, "sakatare ya karanta wasiƙar" zai rubuta, domin takardar ta ƙungiya ce. Jam'in girmamawa ma yana rikita mai karatu: idan aka rubuta "sun ce" don girmama dattijo guda, na gaba zai ɗauka jama'a ne suka faɗa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne zaɓen aikatau. "Ma'aji ya yi iƙirarin cewa kuɗin suna nan" zargi ne a fakaice, kamar yadda "ya caccaki shugaba" ke ɗauke da hukuncin marubuci. "Ya ce", "ya tambaya", "ya ba da shawara", "ya goyi baya", "bai amince ba" sun wadatar. Kada kuma a cakuɗa "an tattauna" da "an amince". Na farko bai ɗaure kowa ba, na biyu kuwa shawara ce da aka yanke. Littafin ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1876, ya tsaya a kan cewa abin da aka zartar ake rubutawa, ba duk abin da aka faɗa ba. A Nijeriya ma, dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauki rahoton da shugaba ya sa wa hannu a matsayin hujjar abin da ya gudana.

Ita kuma "an" tana da amfani wajen shawarar da taro ya yanke baki ɗaya, amma takan ɓoye mai aiki. "An amince a gyara rufin aji" bai ɗora wa kowa nauyi ba. Gyaransa shi ne: "An amince shugaban makaranta ya nemo kafinta kafin ƙarshen wata, ya kuma kawo lissafi a zama na gaba."