Kiɗan ne ya kori masu kallo, ko tsawon bidiyon?

Duk mai ɗora bidiyo a YouTube ya san wani layi da ke hana shi barci. Yana cikin YouTube Studio, a sashen Analytics, ƙarƙashin Engagement. Layin yakan faro daga sama a daƙiƙar farko, sannan ya riƙa gangarowa yayin da masu kallo ke zamewa ɗaya bayan ɗaya. Idan mai tasha ya canja kiɗan da ke tashi a ƙarƙashin muryarsa, wurin da yake fara leƙawa ke nan domin ya ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A nan ne kuma akasari ake yanke hukuncin da bai inganta ba, domin da wuya a ce kiɗan kaɗai ne ya canja a tsakanin tsofaffin bidiyoyi da sababbi.

A ɗauki misalin wata mai tashar girke-girke. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an tsara su domin lissafin ya fito fili. Ta yi bidiyo 12 da wani sanyayyen kiɗan fiyano da ta ɗauko a Audio Library na YouTube, sannan ta koma kiɗan gurmi ta sake yin 12. Da ta haɗa lissafi, sai ta ga a da mutane kan kalli kashi 54 cikin 100 na kowane bidiyo, yanzu kuwa kashi 48. Ranta ya ɓaci, ta ce gurmin nan ya kore mata jama'a. Ƙaninta da ke yi mata aikin tace bidiyo ya ce, "Yaya, ai ba haka ba ne, dubi wannan." Ya nuna mata cewa a da mai kallo kan zauna ƙasa da minti 3, yanzu kuwa yana haura minti 4. A ganinsa gurmin ya yi rawar gani.

Dukansu biyu gaskiya suka karanto, sai dai ma'auni biyu ne mabambanta. Nata shi ne Average percentage viewed, wato kason bidiyon da ake kalla. Nasa shi ne Average view duration, wato mintocin da ake shafewa. Idan bidiyo ya ƙara tsawo, na farkon kan sauka, na biyun kan hau, ko da ba a taɓa kiɗa ba. Mutumin da ya kalli minti 2 na bidiyo mai minti 4 ya ci rabinsa. Wanda ya kalli minti 4 na bidiyo mai minti 12 ya fi shi daɗewa ninki biyu, amma sulusi kawai ya gani.

Abin da ya faru a tashar ke nan. Cikin tsofaffin bidiyoyin, 9 gajeru ne masu minti 4, 3 ne kawai dogaye masu minti 12. Cikin sababbin kuwa gajerun 4 ne, dogayen 8. Da aka ware kowane rukuni daban, sai labari ya sha bamban. Gajerun sun tashi daga kashi 60 zuwa 62, dogayen daga 36 zuwa 41. Kowane rukuni ya hau, amma jimilla ta sauka, saboda dogayen da suka yi yawa sun ja matsakaicin ƙasa. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan ruɗani, suna danganta shi da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951. Ita kanta YouTube ta san da matsalar, shi ya sa idan za ta nuna wa mai tasha yadda bidiyonsa ya yi, take gwada shi da bidiyoyinsa 10 na baya-bayan nan masu kusan tsawo ɗaya.

To, ƙanin ne ya yi nasara ke nan? Da sauran rina a kaba.

Ta koma gurmi ne ana gab da azumi, kuma 5 daga cikin dogayen bidiyoyin nan 8 na kayan buɗa-baki ne: kunun gyaɗa, ƙosai, alale da makamantansu. Matar da ta nemo yadda ake haɗa ƙosai alhali wake na jiƙe a gabanta kuma magariba na matsowa, ba za ta tashi daga bidiyon ba sai ta ga ƙarshe, ko wane kiɗa aka sa mata. Waɗannan 5 sun sami kashi 44. Sauran 3, na girkin yau da kullum, sun tsaya a kashi 36, daidai da tsofaffin dogaye 3 na irin wannan girki. Hawan da aka gani a dogayen bidiyoyin na azumi ne, gurmi bai da hannu a ciki. Saura tazarar maki 2 a gajerun, kuma tun kafin a canja komai gajerun nata suna kaiwa da komowa tsakanin kashi 54 da 66. Tazarar da ba ta kai faɗin wannan kai-komon ba, ba a kafa hujja da ita. Bayan bidiyo 24, abin da za ta iya faɗa da gaskiya shi ne ba ta ga tasirin kiɗan ba, ba ta kuma tabbatar babu shi ba.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan ɓuya. Mutane ba su cika canja kiɗa suna cikin samun kasuwa ba, sai bayan makonni biyu ko uku marasa daɗi. Irin waɗannan makonni kuwa kan wuce da kansu, alƙaluma su koma inda suka saba zama. Sabon kiɗan sai ya karɓi yabon da ba shi ya yi aikin ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a daina gwada jiya da yau, a riƙa gwada bidiyoyin da suka fito a lokaci ɗaya. YouTube tana da Test & Compare, wanda ke ba mutum damar gwada hoton bangon bidiyo har uku, amma bai shafi sauti ba, don haka mai tasha shi zai tsara gwajin da kansa. Zai shirya bidiyoyinsa biyu-biyu, kowane biyu su zama jigo ɗaya da tsawo kusan ɗaya: miyar kuka da miyar kuɓewa a minti 4, dambun shinkafa da dambun masara a minti 12. Sannan ya wulla tsabar kuɗi sama, ita ta zaɓi wanda zai sami tsohon kiɗa da wanda zai sami sabo. Wullin nan shi ne ginshiƙin aikin. Mai tasha da ke ƙaunar gurminsa zai ɗora shi a kan bidiyon da ya fi kyau ba tare da ya lura ba, tsabar kuɗi kuwa ba ta da ɗan ɗaki. Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida ta barin ƙuri'a ta yi rabo, a gwaje-gwajen gona na Rothamsted a Ingila, ya kuma bayyana ta a littafinsa na 1935. Gona biyu da aka zuba wa taki iri biyu ba su da bambanci da bidiyo biyu masu kiɗa iri biyu.

Sai a kula da lokacin aunawa. Alƙaluman kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin su daidaita, kuma masu kallon farko galibi masoyan tashar ne, waɗanda suka fi baƙi haƙurin zama. Bidiyon da ya shekara ya tara baƙi da yawa, saboda haka gwada shi da na makon jiya zalunci ne. A auna kowanne a kwanakinsa 7 na farko, ko 28 na farko, a kuma duba Traffic source. Wanda ya rubuta sunan miya ya nemo ta ya fi wanda aka turo wa mahaɗi a WhatsApp niyyar zama.

Bayan biyu-biyu sun kai goma, lissafin mai sauƙi ne: sau nawa sabon kiɗan ya yi galaba? Idan sau 6 ne cikin 10, ba a gano komai ba, domin tsabar kuɗi da aka wulla sau 10 kan faɗi ta fuskar da aka zaɓa sau 6 ko fiye a kusan gwaji 4 cikin 10. Idan sau 9 ne ko 10, magana ta yi nauyi, domin sa'a kaɗai ba ta kawo haka sai kamar sau ɗaya cikin 100. Ga mai fitar da bidiyo biyu a mako, aikin wata biyu da rabi ne, kuma babu wata gajeriyar hanya.

Wani abin takaici shi ne sau da yawa abin da ake kira canjin kiɗa canjin ƙarfin sauti ne. Sabon kiɗan ya zo da ƙara fiye da tsohon, ya danne murya, mai kallo ya gaji da kasa kunne ya wuce. Ƙa'idojin WCAG na 2008, waɗanda aka tsara domin sauƙaƙa wa masu lalurar ji da gani amfani da intanet, sun ce a sautin da magana ce jigonsa, abin da ke tashi a baya ya kasance ƙasa da murya da aƙalla desibel 20. Ma'auni ne mai kyau a riƙe shi ga kiɗan biyu. A kuma saurara ta lasifikar ƙaramar waya, domin a can akasarin jama'a za su ji shi. Irin wannan lasifika ba ta fitar da amo mai kauri, sai ta bar tsinin gurmi ko goge, wanda ke faɗawa daidai inda muryar mutum take.

Haka kuma kiɗa mai baiti daban yake da kiɗa zalla. Pierre Salamé da Alan Baddeley sun nuna a 1989 cewa waƙa mai kalmomi ta fi kiɗa zalla dagula abin da mutum ke ƙoƙarin riƙewa a ka. Wannan ya shafi masu tashoshin da ke guje wa kayan kiɗa saboda dalilin addini, su sa waƙar baka a madadinsa: muryoyi biyu ne ke neman kunne ɗaya. A shekara ta 2000 kuma Roxana Moreno da Richard Mayer sun ƙara kiɗa a gajerun darussa masu hoto kan yadda walƙiya ke samuwa da yadda birkin mota ke aiki, sai ɗaliban da suka ji kiɗan suka gaza takwarorinsu a jarrabawa. Fahimta suka auna, ba daɗewar kallo ba, kuma layin YouTube bai san komai game da fahimta ba. Mai koyar da girki na iya riƙe mutane har ƙarshe su tashi ba su riƙe awon gishiri ba.

Siffar layin ma tana da abin faɗa fiye da matsakaicin. YouTube na nuna kason waɗanda ke nan har daƙiƙa 30 na farko, amma a wannan zangon take da hoton bango ne ke da rinjaye, wato ko mai kallo ya tarar da abin da aka yi masa alkawari. Inda ya kamata mai girkin nan ta zuba ido shi ne wuraren da ta yi shiru kiɗa ya rage shi kaɗai, kamar lokacin da albasa ke soyuwa ko tukunya ke tafasa. Idan layin ya riƙa faɗawa rami a irin waɗannan wurare a bidiyoyin gurmi, bai kuma yi haka a takwarorinsu na fiyano ba, ta kama zaren. Idan ramin na nan a duka biyun, shirun ne ya yi tsawo, sai ƙaninta ya rage shi a wurin tacewa.